Yadda ake kafa sashen kai ɗauki da wuri ga wanda saikosis ya kama karon farko

Saikosis wani nau'in taɓin hankali ne da ke raba mutum da zahiri. Yakan ji muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko ya kafe a kan wani zato da ba hujjar da za ta girgiza shi, ko tunaninsa ya hargitse har magana ta daina zuwa a jere. Galibi yana fara bayyana ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa wajen shekara 30, daidai lokacin da mutum yake makaranta ko yake fara neman na kansa. Sashen kai ɗauki da wuri tawaga ce da aka keɓe domin ta riski irin wannan mutum tun a makonnin farko, ta kuma riƙe shi na shekara biyu zuwa uku. Tsarin ya samo asali daga cibiyar EPPIC da Farfesa Patrick McGorry ya jagoranci kafawa a birnin Melbourne a 1992, daga nan ya bazu zuwa Denmark da Ingila da Amurka da sauran wurare.

Domin bayanin ya zauna, mu ƙaddara wani saurayi ne ɗan shekara 20, ɗalibi, wanda ya daina zuwa aji, ya toshe tagar ɗakinsa da kwali, yana cewa maƙwabta na sauraren tunaninsa ta wayarsa. Da shi za mu bi matakan.

Mataki na farko: fayyace wa za a karɓa, kuma cikin kwana nawa

A rubuta ƙa'idar shiga a shafi ɗaya tak. A Ingila ana karɓar masu shekara 14 zuwa 65, wasu wurare kuma suna tsayawa a 35. Ko wanne aka zaɓa, kada a ɗora wa mai shigowa sharaɗin sai an tabbatar da sunan cutarsa, domin a watannin farko ko ƙwararren likita ba ya iya rantsuwa cewa wannan sikizofreniya ce, wato saikosis mai daɗewa, ko ciwon hawa da saukar yanayi ne ko kuma wiwi ce ta tayar da abin. Zargi mai ƙarfi ya isa a buɗe ƙofa. Kada kuma a kori mutum don yana shaye-shaye. Da yawa daga waɗanda aka kafa sashen dominsu suna sha.

A bar kowa ya iya kira: uwa, malami, likitan ƙaramin asibiti, ko shi majinyacin da kansa. Lambar waya ɗaya, wadda mutum ne zai ɗauka. Sannan a ɗaura wa tawaga wa'adi. Tun watan Afrilun 2016 ma'aunin Ingila shi ne a fara kula da mutum cikin mako biyu daga ranar da aka turo shi. Wa'adi ne mai kyau ga kowane sashe, kuma idan akwai fargabar mutum zai cutar da kansa ko wani, ko mace ce da abin ya kama kwanaki kaɗan bayan haihuwa, ranar ake ganin su, ba a kwana.

Mataki na biyu: haɗa tawaga

Ginshiƙin tawagar shi ne wanda zan kira mariƙi, wato ma'aikaci guda da aka damƙa wa majinyaci, wanda ya san gidansu, ya san sunan ƙanwarsa, kuma shi ake kira idan dare ya yi tsawo. Yawanci nas ne na lafiyar ƙwaƙwalwa, ko jami'in walwalar jama'a, ko mai koyar da komawa harkokin yau da kullum. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada mariƙi ɗaya ya wuce majinyata 15. A ganina wannan lamba ce ke raba sashen gaskiya da allon suna a bakin ƙofa. Mai riƙe da mutum 15 yana iya tashi ya tafi gidan wanda bai zo ba. Mai riƙe da 40 sai dai ya rubuta “bai halarta ba” ya kira na gaba.

Lissafin ba wuya. Idan ana sa ran sababbin majinyata 40 a shekara, kuma kowa zai zauna shekara uku, to a shekara ta uku za a sami kimanin 120 a hannu. Raba 120 gida 15, ka ga ana buƙatar mariƙa takwas. Ba sai an ɗauke su duka ranar buɗewa ba, amma a sa su cikin kasafi tun farko. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi lissafin shekarar farko kawai, sai a wayi gari a ta uku nauyi ya ninka sau uku, ma'aikata kuwa suna nan yadda suke.

Kewaye da mariƙa akwai likitan ƙwaƙwalwa na tawagar kanta, ba na aro ba, da masanin halayyar ɗan Adam mai jinya ta hanyar tattaunawa, da jami'in da aikinsa kawai shi ne mayar da mutane makaranta ko wurin aiki, da wanda ya taɓa shiga wannan hali ya fita, aka horar da shi yana tallafa wa na baya. Idan za a karɓi 'yan ƙasa da shekara 18, dole a sami hannun likitan ƙwaƙwalwar yara. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci, mutum ɗaya zai iya riƙe aiki biyu, sai dai kowane aiki ya zama da sunan wani a jikinsa. Aikin da aka ce na kowa ne, ba mai yin sa.

Kowace safiya tawaga ta zauna minti goma sha biyar zuwa ashirin a gaban allo mai launi uku: ja ga wanda yake cikin haɗari ko ya ɓace wa gani, rawaya ga wanda alamu suka fara motsi, kore ga wanda yake lafiya lau. Na ja kawai ake tattaunawa kullum, a tashi da sanin wa zai je, da ƙarfe nawa. Sau ɗaya a mako a yi dogon zama kan sababbin shigowa.

Mataki na uku: haɗuwar farko da makonnin da ke biye

Saurayinmu ya ƙi zuwa asibiti, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda a wurinsa ba shi da ciwo. Sai mutum biyu daga tawaga su je inda ya yarda. Ba a fara da tambayar muryoyi. Ana farawa da abin da shi ya ɗauka damuwa: ya kwana nawa bai yi barci ba, me ke hana shi cin abinci, me yake tsoro. Idan ya ce maƙwabta na sauraren sa, ba a gaskata shi, ba a kuma ƙaryata shi. Ana iya cewa: “Ni dai ban ji abin da kake ji ba, amma na ga ya hana ka sakat. Bari mu fara da barcin.”

Kafin a ba da kowane magani a duba jiki. Zazzaɓi mai zafi, farfaɗiya, kumburin ƙwaƙwalwa, wasu magunguna da ƙwayoyin maye duk suna iya kama da saikosis. Alamar da ya kamata ta tayar da hankalin ma'aikaci ita ce ruɗewar da ke zuwa tana tafiya cikin yini guda, mutum bai san inda yake ba ko wace rana ce, ko jijjiga, ko abin ya faɗo cikin kwana biyu uku tare da zazzaɓi. Wannan na sashen gaggawa ne. A auna nauyi da faɗin ƙugu da hawan jini da sukari da kitsen jini, a yi gwajin bugun zuciya idan akwai dalili, domin a san daga inda aka tashi.

Likita zai fara magani ɗaya, da ƙaramin awo, domin masu karon farko suna jin magani da wuri, suna kuma jin illarsa da wuri. A ba shi mako huɗu zuwa shida kafin a ce bai yi ba. Idan magani biyu daban-daban sun gaza duk da an sha su yadda ya kamata, lokacin clozapine ya yi, wato maganin da ake ajiye wa ciwon da ya ƙi jin sauran, tare da gwajin jininsa na dole. Jinkirta shi shekaru zalunci ne ga majinyaci. Wata illa da ake yawan kuskure da ita ita ce ƙaiƙayin motsi: mutum ya kasa zama, yana kai da kawo, ƙafafu ba sa tsayawa. Sai a zaci ciwon ne ya ƙaru a ƙara magani, alhali maganin ne ya jawo. Tambaya ɗaya ke warware ta: “Tunani ne ke hana ka zama, ko ƙafafun ne suke ƙin tsayawa?”

Magani ba shi kaɗai ba ne. Jinyar tattaunawa da aka tsara domin saikosis ana son ta kai aƙalla zama 16. Maganar komawa karatu kuma ba a jira sai mutum ya warke sarai. Da zarar ya ce yana so, jami'in ya fara magana da makarantar.

Mataki na huɗu: shigo da iyali

A nan zan daɗe, domin a nan yawancin sassa suke yin sakaci. Majinyaci yana ganin mariƙinsa awa ɗaya ko biyu a mako. Sauran awannin yana tare da mutanen gida, waɗanda suka kwashe watanni cikin tsoro, wasu suna zargin kansu, wasu suna zargin juna.

A tuntuɓe su cikin makon farko, kuma zaman farko na sauraro ne. A bar mahaifiyar ta ba da labari daga farko, ko da zai ci awa guda. Mariƙin zai iya buɗewa da cewa: “Mama, kun fi mu sanin sa. Yaushe kuka fara cewa a ranku wannan ba yaron da na sani ba ne?” Daga amsar ne ake samun ranar da ciwon ya fara, da alamun da suka riga shi. Kusan kowace uwa tana ɗauke da tambayar da ba ta furta ba, wato ko ita ta jawo. A amsa mata ko ba ta tambaya ba: “Ba tarbiyyarku ce ta kawo wannan ba, kuma yadda za ku zauna da shi daga yau zai taimaka ƙwarai.”

Iyalai da yawa suna zuwa da tasu fassarar abin da ya faru, wasu sun riga sun nemi taimako a wajen masu addu'a ko masu maganin gargajiya. Gardama a kan wannan tana rufe ƙofa. Abin da ake nema yarjejeniya ce a kan abu uku: ba za a dakatar da magani ba sai an yi magana da likita, ba ɗauri ba duka ba hana abinci, kuma duk abin da za a ba shi ya sha a nuna wa tawaga.

To idan saurayin ya ce kada a gaya wa iyayensa komai fa? Baligi ne, kuma sirrinsa haƙƙinsa ne. Amma a lura, ƙin yardarsa bai hana ma'aikaci sauraren iyaye ba, bai kuma hana a yi musu bayanin ciwon gaba ɗaya da lambar da za su kira ba. Abin da aka hana shi ne bayyana abin da ya faɗa a asirce. A zauna da shi a rarrabe: ranar zuwa asibiti za a iya faɗa? Sunan magani fa? Sau da yawa abu ɗaya yake ɓoyewa, kamar shan wiwi, sauran bai damu ba. A rubuta abin da ya yarda, a sake tambayarsa bayan wata guda, domin amsar tana canzawa idan tsoro ya ragu. A kuma gaya masa tun farko cewa idan rai na cikin haɗari za a yi magana, gwargwadon dokar ƙasar da ake aiki.

Bayan wannan sai zaman iyali na tsari. Jagorar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce ya ɗauki wata uku zuwa shekara guda, da aƙalla zama goma da aka tsara, tare da majinyacin idan zai yiwu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tun binciken George Brown da abokan aikinsa a Landan aka gano cewa ciwon ya fi saurin dawowa a gidan da suka da faɗa suka yi yawa, ko kuma kulawa ta wuce kima har mutum ba ya iya numfashi. Waɗannan halaye ba na mugayen iyaye ba ne, na iyaye ne da suka gaji kuma suke tsoro.

Ga yadda zama ɗaya yake tafiya. Mahaifin ya ce yaron ya zama malalaci, yana kwance har azahar. Ma'aikaci ya bayyana cewa mutuwar jiki da rashin kuzari ɓangare ne na ciwon, maganin dare kuma yana ƙara nauyin barci. Sai a ɗauki wannan matsala ita kaɗai, a rubuta ta a takarda, kowa ya kawo shawara har da shi saurayin, ba a kushe ta kowa. A zaɓi guda mai sauƙi: tashi ƙarfe goma, kwana uku a mako, ƙanwarsa ce za ta ƙwanƙwasa sau ɗaya, likita kuma zai duba ko za a matso da lokacin shan magani. Mako biyu bayan haka a duba abin da ya faru. Ana kuma koya wa uban ya sauya “kai ba ka da amfani” zuwa “zan ji daɗi idan ka fito muka zauna minti goma.” Ƙaramin abu ne a ido, amma shi ke sauya iskar gida.

Kafin wata na uku a rubuta takardar alamun dawowar ciwo, da kalmomin gidan. Ta saurayinmu za ta iya cewa: kwana biyu a jere ba barci, kashe waya da ɓoye ta, daina cin abinci tare da mutane. A ƙasa a rubuta wa za a kira da rana, wa za a kira da dare. Kada a manta da ƙanne. Su ne suka fi ganin komai, kuma su ne ba a tambaya.

Mataki na biyar: auna sakamako

A zaɓi ma'aunai kaɗan da za a iya cikawa kullum. Gara huɗu da ake yi da goma sha biyu da ke kwance a durowa.

Na farko shi ne tsawon lokacin da mutum ya yi da ciwon ba magani, daga bayyanar alamu sosai zuwa fara jinya. Idan mahaifiyar ta ce a farkon Maris ya fara amsa muryoyi, aka fara magani a farkon Oktoba, kimanin mako 30 ke nan. Wannan lamba tana da nauyi, domin an sha ganin cewa tsawonta yana tafiya da raunin murmurewa. A binciken RAISE na Amurka, mai mutum 404, rabin mahalarta sun haura mako 74 kafin su sami jinya, kuma waɗanda suka zo kafin hakan sun fi cin moriyar tsarin. Wajen ba da rahoto a yi amfani da lambar tsakiya, kada a tara a raba. Ɗauki majinyata biyar masu mako 4, 6, 9, 30 da 200. In ka tara ka raba biyar za ka sami kusan 50, wanda bai yi kama da ko ɗaya cikinsu ba. Na tsakiya shi ne 9, kuma shi ne gaskiyar aikin.

Na biyu alamun ciwo. Ma'aunin alamu da ake kira PANSS yana da tambayoyi 30, kowace daga 1 zuwa 7, yana buƙatar horo da lokaci. Wani ma'aunin, HoNOS, mai tambayoyi 12, ya fi sauri ga aikin yau da kullum. Duk wanda aka ɗauka, ma'aikata su riƙa auna majinyaci ɗaya tare lokaci-lokaci, domin idan wannan ya ba da 3 wancan ya ba da 5, lambobin ba su da amfani.

Na uku muryar majinyacin kansa. Ma'aunin da ake kira DIALOG tambayoyi 11 ne, takwas kan rayuwa, uku kan jinyar da yake samu, yana ba kowace maki 1 zuwa 7. Amfaninsa yana cikin hirar da yake buɗewa. Idan muryoyi sun yi shiru amma ya ba abota maki 2, an san inda aikin wata mai zuwa yake.

Na huɗu abubuwan da ake ƙirgawa da yatsa: yana makaranta ko aiki, an kwantar da shi ko a'a, iyalinsa sun sami zama nawa, har yanzu yana tare da tawaga ko ya ɓace. Sai nauyin jiki, wanda ake aunawa kowane mako a makonni shida na farko, sannan a mako na 12, sannan a shekara. Idan saurayinmu ya tashi daga kilo 60 zuwa 65 cikin wata biyu, ya haura kashi 7 cikin ɗari, iyakar da ake ɗauka a matsayin gargaɗi. A ranar za a yi maganar abinci da motsa jiki da yiwuwar sauya magani, musamman idan olanzapine yake sha, maganin da ke yawan sa ƙiba. Ƙiba na cikin manyan dalilan da matasa ke jefar da magani a ɓoye.

A cika ma'aunan ranar shiga, sannan duk wata shida, sannan ranar fita. Duk wata uku a kawo su gaban tawaga. A kuma yi hattara da sakamako mai kyau fiye da kima: idan waɗanda suka ɓace ba sa cikin lissafi, waɗanda suka ji sauƙi kawai ake aunawa. Kullum a rubuta mutum nawa aka auna cikin mutum nawa.

Mataki na shida: wanda ya ɓace, da wanda zai fita

Rashin zuwa sau biyu ba dalilin sallama ba ne, dalilin tashi a je gida ne. Lokutan da suka fi haɗarin kisan kai su ne kwanakin farko bayan sallama daga gadon asibiti, da lokacin da hankali ya dawo mutum ya ga abin da ya rasa. A ga wanda aka sallama cikin kwana uku, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin. Idan ya ce zai bar magani, kada a rufe maganar da tsawa. A gaya masa gaskiya cewa ciwon yakan dawo ga mafi yawan waɗanda suka daina, idan kuma ya dage, a rage a hankali ƙarƙashin idon likita, da takardar alamu a hannun iyali.

Binciken OPUS na Denmark ya nuna fifikon wannan tsari a shekara biyu, amma da aka sake dubawa a shekara biyar, bayan an mayar da mutane kulawar da aka saba, yawancin fifikon ya dushe. Saboda haka shirin miƙa majinyaci yana farawa wata shida kafin ƙarshen wa'adi. A yanke ko likitan iyali ne zai karɓe shi ko tawagar lafiyar ƙwaƙwalwa ta manya, a yi zama aƙalla ɗaya da tsohon mariƙi da sabon mai karɓa da saurayin da iyayensa a ɗaki guda, a miƙa takardar alamu da tarihin magungunan da aka gwada da awon nauyi na ƙarshe, a kuma rubuta musu lambar da za su kira idan kwana biyun nan na rashin barci suka dawo.